Mai Rage Barkwanci, Ka Sara a Kan Gaɓa

Wani abokina ya taɓa rubuta ɗan labarin abin da ya haɗa shi da maƙwabcinsa, ya tura wa mutane kaɗan a waya. Ga shi yadda ya rubuta shi:

“Shekara uku da suka wuce maƙwabcina ya zo ya ari tsanina, wai zai gyara rufin ɗakinsa ya dawo da shi kafin dare. Shekarar farko na yi kawaici. Shekara ta biyu na koma gaishe shi ina kallon sama, ko zai tuna. Jiya rufina ya fara yoyo, na cire kunya na je na ce ina son tsani. Ya yi jim, ya shiga ciki, ya daɗe, ya fito da shi yana kakkaɓe ƙura. Ya miƙo min, ya ce, ‘Ka lallaɓa shi, ka dawo da shi yau fa. Kayan mutane ne.’”

Bayan kwana biyu labarin ya zagayo ya dawo wayarsa daga hannun wanda bai ma san shi ne ya rubuta ba. Sai dai an yi masa aski a hanya, ya koma haka:

“Wani ne ya manta tsanin da ya ara na maƙwabcinsa ne, da mai shi ya je karɓa sai ya ce masa kayan mutane ne don haka ya dawo da shi da wuri. Kun ji fa, alhali nasa ne!”

Ƙasan wannan kuma an jera fuskokin dariya har shida. Abokina ya nuna min, ya ce, “Malam, dubi yadda aka yi min. Ba a ƙara ƙarya ko ɗaya ba, amma wallahi ni kaina da na karanta ban ko murmusa ba.”

Gaskiyarsa. Duk abin da ya faru a labarin farko yana nan a na biyu. Tsani yana nan, aro yana nan, har kalmomin “kayan mutane ne” ba a taɓa su ba. Abin da aka canza shi ne lokacin da mai karatu yake sanin kowane abu, kuma ra'ayina ke nan a wannan rubutu: a barkwancin da aka rubuta, dariya tana rataye ne a jerin da bayanai suke isowa, tsawo ko gajarta ba su ne matsalar ba. Wanda ya gane haka zai iya zubar da kashi biyu cikin uku na kalmomin bai kashe labarin ba. Wanda bai gane ba, ko kalma ɗaya ya matsar sai ya yi ɓarna, kuma ya fi masa alheri ya tura abin yadda ya same shi.

Mutane da yawa suna ɗauka gwanintar mai ba da dariya tana cikin ɗan shirun da yake yi kafin ya saki maganar ƙarshe. Da haka ne, da rubutu bai taɓa ba kowa dariya ba, tunda takarda ba ta yin shiru. Wasu masana harshe biyu, Salvatore Attardo da Lucy Pickering, sun auna wannan zato a wani bincike da suka buga a 2011. Sun naɗi muryoyin mutane suna ba da barkwanci, suka auna saurin magana da tsawon kowane tsayawa, sai suka tarar masu maganar ba sa yin wani dogon shiru na musamman kafin jimlar ƙarshe. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne, mafi yawan aikin an riga an gama shi a cikin tsarin kalmomin tun kafin a buɗe baki. Wannan kuwa labari ne mai daɗi ga mai ragewa, domin tsarin kalmomi abu ne da yake hannunsa.

To me tsarin yake yi? Wani masanin halayyar ɗan Adam, Jerry Suls, ya bayyana shi tun 1972 a matsayin mataki biyu. Da farko mai sauraro yana cin karo da abin da bai zata ba. Daga nan sai ya waiwaya da kansa ya gano yadda abin ya dace da abin da aka faɗa masa tun farko. A labarin tsani, shimfiɗar duka tana sa ka jiran ɗayan biyu: ko maƙwabcin ya ba da haƙuri, ko ya yi musu. Sai ga shi ya yi abin da ba ya cikin lissafinka, ya zama shi ne mai ba da aro har da gargaɗi. Cikin ƙiftawar ido kai da kanka kake haɗa lissafin: ashe ya san ba nasa ba ne, abin da ya manta kawai shi ne cewa “mutanen” su ne wannan da ke tsaye a gabansa. Wannan ɗan haɗin da mai karatu yake yi shi kaɗai, nan dariyar take.

Yanzu a koma ga wanda aka yi wa aski. Kalma ta huɗu a cikinsa ita ce “manta”. An gaya maka amsar tun ba ka ji tambayar ba, don haka babu wani abin da za ka ci karo da shi. Mataki na farko ya tafi. Sannan aka zo ƙarshe aka ce “alhali nasa ne”, wato an yi maka haɗin da ya kamata a bar maka. Mataki na biyu ma ya tafi. Mai askin ya ji tsoron kada wani ya kasa ganewa, sai ya toshe ƙofar gaba da ta baya, ya bar rahoto. Fuskokin dariya shidan nan kuwa, ina ganin shi kansa ya ji a jikinsa wani abu ya ɓace, shi ne ya zuba su ko za su cike gurbin.

Ban ce kada a rage ba, don ragewa tilas ce a lokuta da yawa. Saƙon tes guda ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, kuma da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya sauko zuwa 70, saboda waɗannan haruffa ba sa cikin jerin da aka tanadar wa tes na asali. Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya fara da haruffa 140, sai a 2017 aka ninka zuwa 280. A WhatsApp saƙo in ya yi tsawo ana naɗe shi, sai ka taɓa “Read more” kafin ka ga sauran, kuma kowa ya san mutane nawa ne ba sa taɓawa. Ga kuma ita kanta gajiyar mai karatu, wadda ba ta da adadi. Saboda haka tambayar ita ce ta ina za a sa wuƙar.

Ni daga ƙarshe nake farawa. In kama jimlar da take tayar da dariyar, in ajiye ta gefe da niyyar ba zan taɓa ta ba, kuma babu abin da zai biyo bayanta. A nan ita ce “Kayan mutane ne.” Daga nan sai in tambayi kaina: mene ne mafi ƙarancin abin da mutum yake bukatar sani kafin wannan jimla ta yi masa ma'ana? Abu uku ne kacal. Tsanin na mai ba da labarin ne. Ya daɗe a hannun maƙwabci. Mai shi ne ya je karɓa da kansa. Duk abin da ba ya cikin ukun nan ana iya tattaunawa a kansa: gyaran rufin maƙwabci, alkawarin kafin dare, yoyon rufi, gaisuwar kallon sama. Da na zubar da su, abin da ya rage shi ne:

“Shekara uku tsanina yana gidan maƙwabcina. Jiya na cire kunya na je karɓa. Ya miƙo min, ya ce, ‘Ka dawo da shi yau fa. Kayan mutane ne.’”

Daga kalma 87 an dawo 27, bai ma kai haruffa 140 ba, kuma yana aiki. Ya fi wanda aka yi wa askin gajarta, abin da ke nuna cewa matsin wuri ba shi ne ya kashe wancan ba.

Akwai kuskuren da yake kishiyar na farko, kuma ya fi wuyar ganewa ga mai yin sa. Shi ne a yanke ɗaya daga cikin ukun nan ba a sani ba. A ce wani ya rubuta, “Na je karɓar tsani wajen maƙwabcina, ya ce in dawo da shi yau don kayan mutane ne.” Shi da ya san labarin zai karanta ya yi dariya, domin kansa yana cike masa gurbin. Baƙon da bai sani ba kuwa zai ga mutum ya je aro an ja masa kunne, ya ce to sai me? Abin da aka rasa bai wuce harafi biyu ba, wato “na” ɗin da ke ƙarshen “tsanina”. Mai ragewa kullum yana cikin wannan haɗari, saboda ya riga ya ji labarin, ba zai iya mayar da kansa wanda bai ji ba. Maganin da na sani guda ɗaya ne: ka miƙa wa wanda bai taɓa gani ba, ka yi shiru, ka kalli fuskarsa. In ya ɗago ya ce “sai aka yi yaya?”, ka yanke abin da ba a yankewa. In ya fara murmushi tun a tsakiya sannan ya ƙarasa ba wani canji, ka bar amsar ta zubo da wuri.

Inda na fi ganin ana yin ɓarna ba tare da mugun nufi ba shi ne wajen sake kalmomi, don a nan mutum yana jin gyara yake yi. Ɗauki jimlar ƙarshen. Wani zai ga “na wani ne” ya fi gajarta, wani ya ga “ba nawa ba ne” ya fi fitowa fili. Ma'anarsu kusan ɗaya ce, amma ba su yi daidai da ita ba. “Kayan mutane” magana ce ta mai riƙon amana, irin wadda mutum yake faɗa yana nuna shi ba ya wasa da haƙƙin wani. Jin ta daga bakin wanda ya danne tsani shekara uku shi ne rabin daɗin. “Na wani ne” bayani ne kawai, ba ta ɗauke da wannan fuskar ta mutumin kirki. Ita kuwa “ba nawa ba ne”, kalmar da ke da nauyi a cikinta tana tsakiya, an kewaye ta da “ba” gaba da baya, kuma tun daga “ba” ta farko mai karatu ya hango inda aka dosa. A “kayan mutane ne” babu abin da ya rage bayan kalmar mai nauyi sai “ne”, gaɓa ɗaya marar nauyi da ido yake haɗiyewa tare da ita.

Haka nan wurin da ake sa “ya ce”. In aka rubuta, “‘Kayan mutane ne,’ in ji shi yayin da yake miƙo min tsanin,” an tilasta wa mai karatu ya ci gaba da tafiya bayan an riga an buga. Dariyar da ta taso sai ta tarar akwai sauran karatu, ta koma. Wa ya yi magana, yana me, a ina yake tsaye, duk a gama da su kafin ya buɗe baki. Juya jimlolin biyu na ƙarshe ma haka yake yi. “Kayan mutane ne, ka dawo da shi yau” ya ƙare a kan umarni, alhali umarnin shi ne matakin da ake takawa a hau zuwa ga dalilin. Da ka ji “ka dawo da shi yau fa” kana cewa a ranka, kai, wannan wane irin ƙarfin hali ne? Kana cikin wannan mamakin sai dalilin ya faɗo. Ɗigon da ke tsakanin jimlolin biyu shi ne duk shirun da labarin yake bukata. In ka mayar da shi waƙafi, ko ka haɗa su da “saboda”, ka cire wannan ɗan numfashin.

Bari in tsaya kan “fa” kaɗan, don ita da 'yan uwanta su ne farkon waɗanda ake kora idan ana neman wuri: fa, dai, kam, ma, wai. Mai ƙirga haruffa yana ganin ba sa ɗauke da labari, kuma haka ne. Murya suke ɗauke da ita. “Ka dawo da shi yau” umarni ne da kowa zai iya bayarwa. “Ka dawo da shi yau fa” ta mutumin da yake zargin ba ka cika alkawari ba ce, kuma wannan zargin daga bakin wa yake fitowa? Harafi biyu da tazara ɗaya, amma da a cire ta gara a cire “jiya”. A cikin zancen mai ba da labari ana iya tsince irin waɗannan kalmomi ba a yi asara ba. A cikin bakin wanda ake yi wa dariya, sai an yi hattara.

Akwai kuma mayar da zance daga bakin mai shi zuwa rahoto, wanda shi ne laifi na uku a wancan askin. “Ya ce masa ya dawo da shi” ya sa ka tsaya kana warware wane ne “ya” na farko, wane ne na biyu. Duk daƙiƙar da mai karatu ya ɓata yana warware wannan, daga cikin kuɗin dariyar aka cire ta. Shi ya sa nake barin labari a bakin “ni” in da haka aka rubuta shi, ko da ba ni abin ya faru da shi ba. Kalma biyu a sama, “wani ne”, ko alamar zance, sun isa su nuna ba naka ba ne.

Wani zai ce, ai ba kowa ne yake saurin ganewa ba, ƙara bayani a ƙarshe taimako ne. Na ji wannan hujja, kuma ban raina ta ba, don babu daɗi a tura abu mutum ya yi shiru. Amma wanda bai gane ba, bayanin ba zai sa shi dariya ba, iyaka ya ce “oho”. Wanda ya gane kuma an rage masa daɗi. An yi hasarar na biyu ba a samu na farko ba. In har mutane da yawa ba sa ganewa, gyaran yana can sama a shimfiɗa, wataƙila wani abu daga cikin abubuwan da dole a sani bai fito sosai ba. Haka kanun da ake ɗorawa a sama, irin su “Maƙwabci mai mantuwa”, shi ma bayani ne, an dai sa shi a gaba. Ga shi kuma layin farko ne yake fitowa a fuskar waya kafin a buɗe saƙon. Wanda ya rubuta “ku karanta har ƙarshe za ku mutu da dariya” shi kuma ya ɗauki alkawarin da ɗan labarin tsani ba zai iya cikawa ba.

Dole in yarda da abu ɗaya: gajeren nawa ya yi asara. A dogon akwai hawa uku na haƙuri, shekarar kawaici, shekarar kallon sama, da ranar yoyo, kuma kowane hawa yana ƙara matse mai karatu. Akwai kuma inda maƙwabcin ya shiga ciki ya daɗe, wanda ke sa ka zaci kunya ce ta kama shi. Dogon yana ba da dariya mai ƙarfi, gajeren yana ba da mai sauri. Kuma akwai barkwancin da ba ya raguwa sam, irin wanda aka gina a kan maimaici, inda abu yake faruwa sau biyu iri ɗaya don ka saba, na uku ya karya sabon. In ka cire ɗaya daga biyun farko, babu sabon da za a karya. Irin wannan ko dai a tura shi cikakke, ko a ƙyale shi.

Da na tura wa abokina mai kalma 27 ɗin, ya amsa cewa ya yarda, sai dai abu ɗaya. “Ka mayar min da ƙurar nan, Malam. Ita ce shaidar cewa shi ma bai taɓa amfani da tsanin ba.” Na ce masa ƙurar ba ta cikin abubuwa ukun da dole a sani. Ya ce ya ji, amma ita ce take sa a ga hannun mutumin yana lallaɓa kayan amana kafin ya yi magana, kuma tana jinkirta maganar da daidai numfashi ɗaya. Na sake karantawa da ƙarfi sau biyu, da ita da babu ita, na ga ya fi ni gaskiya. Muka mayar da layin ya zama “Ya miƙo min yana kakkaɓe ƙura, ya ce”, labarin ya tsaya a kalma 30.